Dala 100 kafin ka ciri kuɗinka: yadda CBEX da ire-irenta ke yi wa mutum yanka biyu

A tsakiyar watan Afrilun 2025, dubban 'yan Najeriya suka buɗe wayoyinsu suka tarar da asusunsu na dandalin CBEX babu ko sisi. Mutumin da ya kwana yana kallon dala dubu biyar, ya wayi gari yana kallon sifili. An rufe bakin kowa a zaurukan Telegram da ake taruwa ana murnar riba. A Ibadan, fusatattun masu zuba jari suka fasa ofishin kamfanin da ke unguwar Oke-Ado, suka yi awon gaba da kujeru da na'urorin sanyaya ɗaki da duk abin da hannu ya kai, wai ko a rage zafi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Dandalin bai ɓace ɓat ba kamar yadda ɓarawo ke yi idan ya gama sata. Sai ya turo saƙo: duk mai son a dawo masa da kuɗinsa ya biya kuɗin tantancewa. Wanda abin da ke asusunsa bai kai dala dubu ba zai biya dala 100, wanda ya haura dubu kuma dala 200. A canjin wancan lokaci, da dala ɗaya ke kusan naira 1,600, ana maganar naira dubu 160 ko dubu 320 ke nan, daga aljihun mutumin da aka riga aka kwashe. Kuma akwai waɗanda suka biya.

Mai kallo daga nesa zai ce wannan wauta ce. Amma wanda ya bi yadda aka gina tarkon tun daga tushe zai ga cewa wannan kuɗi na biyu ba dabarar ƙarshe ba ce da ta faɗo wa 'yan damfara a guje. Yana cikin tsarin tun farko, kuma duk abin da aka nuna wa mutum a watannin baya shiri ne domin ya biya shi.

Ribar da ke kan gilashin waya

CBEX ta fara tashe a Najeriya a 2024. Alkawarinta mai sauƙin faɗi ne: zuba kuɗi, cikin kwana 30 a ninka maka. Bayanin da ake yi shi ne wai akwai wata na'ura mai ƙirƙirarriyar basira da ke saye da sayar da kuɗin kirifto ba dare ba rana, kuma ba ta faɗuwa. A wasu lokuta na yini ana turo wa mambobi wata alama da za su kwafa su saka a manhajar, nan take kuma sai su ga lambar da ke asusunsu ta ƙaru. Wannan ɗan aikin yana da amfani ga masu dandalin: mutum yana jin cewa shi ma kasuwanci yake yi, da hannunsa, ba zaune yake yana jiran banza ba.

Kuɗin ba naira ake zubawa kai tsaye ba. Mutum zai fara sayen USDT, wani kuɗin intanet da darajarsa ke bin dalar Amurka, yawanci daga hannun 'yan canjin intanet da ake tura wa naira ta banki. Daga nan sai ya aika USDT ɗin zuwa wani adireshi, doguwar jerin haruffa da lambobi, da dandalin ya ba shi. A nan ne komai ya ƙare, ko da yake mai kuɗin bai sani ba. Kuɗin kirifto idan ya tafi ba ya da manajan banki da za a je a kai wa kuka ya dawo da shi. Wanda ke riƙe da mabuɗin wancan adireshi shi ne mai kuɗin.

To me mutum ke gani a wayarsa? Rubutu ne kawai. Mai shagon da ake ajiye kuɗi a wurinsa yana iya buɗe littafinsa ya rubuta cewa wane yana da naira miliyan goma, alhali aljihun teburinsa wayam. Alƙalamin nasa ne, littafin ma nasa ne. Haka manhajar take. Masu ita ke rubuta lambar, su ƙara ta, su zana jadawalin farashi mai hawa da sauka da kore da ja, su kuma goge ta ranar da suka ga dama. Masu bin diddigin mu'amalar kirifto da suka bi sawun kuɗin CBEX sun nuna cewa abin da aka zuba ana kwashe shi ne zuwa wasu adireshi, ba wai yana zaune a asusun kowa ana juya shi ba.

Lissafi kaɗai ya isa ya tona asirin alkawarin. Naira dubu 100 idan ana ninka ta duk wata, a wata na farko ta zama dubu 200, a na biyu dubu 400, kafin shekara ta cika ta haura naira miliyan 409. Wanda ya mallaki na'urar da ke yin wannan aiki ba ya buƙatar dubu ɗarin tela ko ta malamin firamare, balle ya riƙa ba da kamasho ga duk wanda ya kawo masa sabon mutum. Zai rufe ƙofa ne ya yi shiru da bakinsa.

Yadda ake kai mutum ga biya

A ɗauki misalin wani mai shagon kayan masarufi, a bi lissafinsa daki-daki, domin irin hanyar da mafi yawan waɗanda abin ya ci suka bi ke nan.

Abokinsa ne ya kawo masa maganar, kuma abokin ba maƙaryaci ba ne: ya nuna masa saƙon banki na kuɗin da ya cira da gaske. Sai mai shago ya gwada da dala 500, wato kusan naira dubu 800. Bayan wata guda manhaja ta nuna masa dala 1,000. Shi ba yaro ba ne, sai ya ce bari ya gwada cirewa. Ya nemi dala 100, kafin ya gama sallar la'asar ta shigo. Daga wannan rana shakkarsa ta tafi. Abin da bai lura da shi ba shi ne, dala 100 ɗin daga cikin 500 ɗinsa aka ɗebo masa, ko daga kuɗin wanda ya shiga jiya. Masu dandalin sun sayi amincewarsa ne da kuɗinsa, kuma har yanzu 400 na hannunsu.

Sai ya kwashi adashinsa, ya haɗa da ɗan rance daga wurin yayansa, ya ƙara dala 1,000. Manhaja ta nuna 1,900. Bayan wani watan ta nuna 3,800. A zuciyarsa ya riga ya kashe kuɗin: rabi na cikon shago, rabi na filin da ya daɗe yana zawarci.

Ranar da ya danna cirewa sai abin ya tsaya. An ce ana gyaran na'ura. Bayan kwanaki aka ce wasu ɓata-gari sun yi kutse, don haka dole kowa ya tabbatar da cewa shi ne mai asusun, ta hanyar zuba dala 200.

Yanzu a dubi yadda lissafin ke tsaye a kansa da kuma yadda yake a zahiri. A kansa, dala 200 ce ke tsakaninsa da dala 3,800; wane mai hankali ne zai bar dubu uku da ɗari takwas saboda ɗari biyu? A zahiri kuwa dala 1,500 ya zuba, ya karɓi 100, saura 1,400 sun tafi tun ranar da ya tura su. Dala 3,800 ba ta taɓa wanzuwa ba a ko'ina. Idan ya biya, asararsa ta tashi daga 1,400 zuwa 1,600, wato sama da naira miliyan biyu da rabi. Aikin ribar bogi ke nan: ita ce ke sa kuɗin tantancewa ya yi kama da ƙaramin abu. Da manhaja ta nuna masa gaskiyar abin da ya zuba ne kawai, da zai yi tunani sau biyu.

Ga kuma bashin yayansa a wuya, ga kunyar waɗanda shi ma ya jawo suka shiga. Mutumin da ke cikin wannan hali ba neman hujja yake ba, neman ƙofa yake. Duk wanda ya nuna masa wata 'yar kafa zai bi.

A irin waɗannan dandali, wanda ya biya sau ɗaya ya sanar da su cewa akwai saura a jikinsa. Sai a ce masa an tantance shi, amma akwai harajin riba, kashi goma cikin ɗari; a misalinmu dala 380 ke nan. Ya biya, sai a ce ya yi kuskuren lamba ɗaya a adireshinsa, an daskarar da asusun, sai ya biya kuɗin buɗewa. Bayan wannan akwai kuɗin inshora, akwai na wanke shi daga zargin safarar kuɗin haram. Sunayen ba sa ƙarewa, aljihun mutum ne ke ƙarewa. Kuma kowane biya yana ƙara ɗaure shi, domin yanzu idan ya tsaya, ya yarda ke nan cewa duk na baya ma sun tafi.

Daga ɓangaren masu dandalin lissafin ya fi daɗi. Idan mutum dubu goma kacal suka biya dala ɗari-ɗari, dala miliyan ɗaya ta shigo, ba tare da an buɗe ofis ko an biya kowa kamasho ba. Wani lokaci ma sukan biya 'yan tsiraru daga cikin waɗanda suka ba da kuɗin tantancewar, domin su koma zaure su yi shela cewa abin gaskiya ne.

Tambaya ɗaya da ke raba gardama

Akwai kuɗin da dandalin kirifto na gaskiya ke caja idan za a cire kuɗi, wannan ba ƙarya ba ne. Amma daga cikin abin da ke asusun ake cire shi. Wanda ke da 100 ya nemi a tura masa, za a zare ɗan abin da za a zare, sauran su iso gare shi. Banki ma haka yake yi, mai POS na bakin titi ma haka. Saboda haka tambayar da za a yi wa duk wanda ya ce a biya kafin a cira ita ce: tunda kuna riƙe da dala 3,800 tawa, me ya hana ku zare 200 ɗin ku ba ni saura?

Ba su da amsa, sai dai kwana-kwana: wai tsarin ba ya yarda, wai doka ta ce sai da sabon kuɗi daga waje. Gaskiyar ita ce babu abin da za a zara daga ciki. Tantance mutum kuwa, inda ake yin ta da gaske, da katin shaida da hoton fuska ake yi, ba da dala ba. Haraji ma hukumar haraji ake biya, ba wani adireshin kirifto da aka turo ta Telegram ba.

Mai son ganin abin da idonsa yana da hanya. Yawancin irin wannan USDT a kan hanyar Tron ake tura shi, kuma duk abin da ya bi ta wannan hanya a rubuce yake a fili. Idan mutum ya kwafi adireshin da ya tura wa kuɗi ya saka a shafin Tronscan, zai ga ranar da kuɗinsa suka shiga, da lokacin da suka fita, da inda suka nufa. Sai dai a yi hattara wajen fassara: dandalin gaskiya ma yakan tattara kuɗin jama'a zuwa babbar ma'ajiyarsa, wadda galibi shafin ke nuna sunan mai ita. Abin tsoro shi ne a ga kuɗin suna tsalle daga adireshi marar suna zuwa wani marar suna, ana rarraba su, alhali manhaja tana cewa suna nan suna haihuwa.

Takardun da aka rataya a bango

Wani abin da ya ruɗi mutane da dama shi ne takardu. Masu tallata CBEX suna nuna shaidar rajistar wani kamfani mai suna ST Technologies International Limited da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, da kuma takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan safarar kuɗin haram. Mutum ya ga tambarin gwamnati, ya ji an ambaci EFCC, sai hankalinsa ya kwanta.

Amma kowace takarda da iyakarta. Rajistar CAC tana nufin akwai kamfani mai wannan suna, shi ke nan. Mai gidan burodi ma yana da ita. Takardar SCUML kuma, kamar yadda EFCC ta fito ta bayyana bayan rushewar, ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. Hukumar da ke ba da wannan izini ita ce SEC, mai kula da hada-hadar hannun jari, kuma ta ce CBEX ba ta taɓa yin rajista da ita ba. Hukumar tana da jerin sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta, kowa na iya dubawa kyauta. A watan Agustan 2024 ta ba kamfanonin Busha da Quidax amincewar farko ta gudanar da kasuwar kirifto, kuma ko su ba su da ikon yi wa kowa alkawarin ninka kuɗi.

Har sunan ma an zaɓe shi da wayo, domin ya yi daidai da gajeren sunan wata cibiyar hada-hadar kadarori ta gwamnati a birnin Beijing, wadda ba ta da alaƙa da su. Kuma tun a watan Afrilun 2024, shekara guda kafin abin ya fashe a Najeriya, hukumar kula da hannun jari ta Hong Kong ta gargaɗi jama'a game da wani dandali mai suna CBEX Group. Gargaɗin yana nan a intanet duk tsawon lokacin da ake ta taron cin abinci da rabon kyaututtuka ana jawo sababbin mambobi.

Nawa aka yi asara? Jaridu sun yi ta ambaton naira tiriliyan 1.3, yayin da masu bin sawun kuɗin a kan hanyar kirifto suka kawo adadin da bai kama ƙafar wannan ba. Bambancin ba abin mamaki ba ne idan aka tuna mai shagon nan: tambaye shi nawa ya rasa, zai ce 3,800, ba 1,400 ba. Ko bayan an gama da mutum, lambar bogin tana nan zaune a kansa.

Bayan rushewa

Doka ba ta yi shiru ba. A watan Maris na 2025, makonni kaɗan kafin faɗuwar CBEX, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da hannun jari, wadda ta shigar da kadarorin kirifto ƙarƙashin kulawar SEC, ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin da zai iya kai shekara goma, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan tsari na biyan tsofaffi da kuɗin sababbi. EFCC ta ce tana aiki da 'yan sandan ƙasa da ƙasa, ta samu izinin Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja na kama wasu masu tallata dandalin, ta kuma bayyana wasu a matsayin waɗanda take nema ruwa a jallo. Shugaban hukumar, Ola Olukoyede, ya ce an gano wani ɓangare na kuɗin, amma bai ɓoye cewa dawo wa kowa da dukkan abin da ya rasa abu ne mai wuyar gaske ba.

Duk da haka CBEX ta sake ɗago kai. A watan Yunin 2025 sai da SEC ta sake fitar da gargaɗi cewa dandalin ya dawo aiki, kuma yana neman dala 100 da dala 200 ɗin nan dai daga masu son cire kuɗinsu. Wata biyu bayan an fasa ofis a Ibadan, tarkon bai canza ko da lamba ɗaya ba, domin har yanzu yana kamu. Waɗanda suka ga zamanin MMM, da ta daskarar da asusun 'yan Najeriya a Disambar 2016 ta ce a jira Janairu, sun san wannan waƙar ta "ku ƙara haƙuri, ana gyara."

Akwai kuma rukuni na uku da ke zuwa bayan ƙura ta lafa: masu cewa su ƙwararru ne wajen ƙwato kuɗin kirifto, ko lauyoyi, ko ma jami'an hukuma. Suna samun mutane ne a zaurukan da waɗanda aka damfara ke taruwa suna jajanta wa juna, wani lokaci kuma jerin sunayen na hannunsu tun asali, domin su ne dai suka sauya riga. Sharaɗinsu ɗaya ne da na farko: a biya wani abu tukuna. Wanda ya bi su ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. EFCC ba ta karɓar kuɗi kafin ta karɓi koke.

Abin da ya rage wa wanda abin ya shafa ba shi da yawa, amma yana da amfani idan an yi shi da wuri. Ya adana hotunan asusunsa da saƙonnin da aka yi musaya kafin a goge su, da adireshin da ya tura wa kuɗi, da lambar shaidar kowace turawa, wadda ake gani da sunan TXID, da rasiɗin bankin da ya sayi USDT da shi. Da waɗannan ne masu bincike ke bin sawu. Kamfanin Tether, mai fitar da USDT, yana da ikon daskarar da kuɗin da ke wani adireshi idan hukumomin tsaro suka nema, kuma ya sha yin haka. Amma sai kuɗin suna nan ba a riga an canza su an watsa ba, shi ya sa jinkirin kai ƙara saboda kunya yake yi wa ɓarawo aiki. Idan mutum ya ba dandalin hoton katinsa ko lambobin sirrinsa, ya canza abin da zai canzu, ya kuma sanar da bankinsa. Ya kuma kira waɗanda ya jawo ya gaya musu gaskiya, tun kafin su ma su biya.

Mai karatu, idan akwai wata manhaja a wayarka yau da ke nuna maka riba tana kuma neman ka zuba sabon kuɗi kafin ta sake maka naka, kada ka tura ko kwabo. Ɗauki hoton komai, ka kai ƙara ofishin EFCC mafi kusa da kai.